Bututun Ruwan Zafi Yana Ƙara Tsawo: Yadda Ake Ba Shi Wurin Miƙewa a Dogon Bene

Bututun roba irin na PPR, koren nan da ya cika kasuwar kayan famfo, idan tsawonsa mita 30 ne aka kuma zuba masa ruwan da ya ɗara zafin ranar da aka kafa shi da digiri 50, zai ƙara tsawo da santimita 22 da rabi. Wannan ya kai taƙin hannun babban mutum, har ma ya ɗan gota. Ba lalacewa ba ce, ba kuma alamar jabun kaya ba ce. Halin robar ke nan. Da ruwan ya huce bututun zai koma yadda yake, gobe da asuba kuma ya sake miƙewa. Abin tambaya kawai shi ne ko wanda ya yi aikin ya tanadar wa wannan ƙarin tsawo inda zai shiga.

A gida mai hawa ɗaya ba a cika jin wannan magana ba, domin daga hita zuwa banɗaki 'yan mitoci ne, kuma bututun yana ta kwana-kwana a hanya. Inda abin yake cizo shi ne otal, asibiti da gidajen haya masu hawa da yawa, waɗanda ake dafa musu ruwa a wuri guda, sannan bututu ɗaya miƙaƙƙe ya tashi daga ƙasa har sama yana ba kowane hawa reshe. Masu aikin famfo suna ce masa raiza. Ba shi da kwana ko ɗaya da za ta shanye motsi, ya ratsa ta cikin kankaren kowane hawa, kuma galibi yana ɓoye a wani siririn lungu da ba a buɗe shi sai ruwa ya fara tsattsafowa ta bango.

Lissafin farko

A ɗauka ana gina otal mai hawa 10 a Kano, kowane hawa mita 3, raizar ruwan zafi kuma PPR ce mai kaurin milimita 63. Abu uku ake ninkawa a san yawan miƙewa: halin abin da aka yi bututun da shi, tsawonsa, da kuma tazarar zafi.

```
ΔL = α × L × ΔT
```

L shi ne tsawo a mita, ΔT tazarar zafi a digiri, α kuma adadin milimitar da mita ɗaya ke ƙarawa a kowane digiri guda. Na PPR zalla 0.15 ne. Na PPR mai zaren gilashi a tsakiyar jikinsa kimanin 0.035 ne. Jan ƙarfe 0.017, baƙin ƙarfe kuma 0.012.

Tazarar zafi ce mutane suka fi yin sakaci da ita. Ba daga zafin ruwan famfo ake fara ƙirgawa ba, daga zafin da bututun yake da shi ranar da aka ɗaure shi ake farawa, domin a wannan tsawon aka kafe shi. Idan an yi aikin da safiyar hunturu, bututun na iya kasancewa a digiri 15. Ruwan zafi na babban gini kuwa ana ajiye shi a digiri 60 ko sama kaɗan, saboda ƙwayar cutar da ke jawo ciwon huhu tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi-ɗumi, amma ba ta jure digiri 60. Sai mu ɗauki 65 a matsayin mafi zafin da zai bi ta ciki. Tazara ta zama 50. Wanda ya yi aikinsa da tsakar ranar watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, nasa bututun ba zai miƙe da yawa haka ba, amma zai tsuke ya ja haɗe-haɗensa ranar da aka kashe tukunya cikin sanyi. Idan kuma hitar rana ce a kan rufi, a yi hattara ƙwarai, don ranar da baƙi suka yi ƙaranci ruwanta na iya wuce digiri 80 in ba a sa abin da ke surka shi ba.

To, 0.15 sau 30 sau 50 ya ba da milimita 225. Da bututu mai zare ne, da milimita 52 da rabi za a samu. Jan ƙarfe zai ba da 25 da rabi, baƙin ƙarfe 18.

Me zai hana a ɗaure shi kam?

Wannan ita ce tambayar da kowa ke fara yi, kuma tambaya ce mai ma'ana. Amsar ta danganta da irin bututun. Idan aka kafe bututun baƙin ƙarfe mai inci 2 sama da ƙasa aka hana shi motsi, sannan zafinsa ya ƙaru da digiri 50, ƙarfin da zai tura maɗaurinsa da shi ya kusa nauyin tan 8. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne wannan ƙarfi bai damu da tsawo ba: guntu mai mita 2 da dogo mai mita 30 duk turi ɗaya suke yi, muddin kaurinsu ɗaya ne. Milimita 18 ba komai ba ce a ido, amma tana iya tumɓuke ƙusa daga kankare, ta tsage zaren haɗi, ko ta fasa bakin famfon tura ruwa.

Roba ba ta da wannan ƙarfin. PPR mai milimita 63 da aka hana motsi ba ya tura abin da ya wuce tan ɗaya ko a takarda, kuma a aikace bai kai haka ba, domin yana yin laushi idan ya ji zafi. Sai dai shi ta wata hanya yake ramawa. Tunda an hana shi tafiya sama, sai ya yi gefe: ya bankare tsakanin kilif da kilif, ya goga bango, ya matsa wa bututun ruwan sanyi da ke kusa da shi, ya kuma murɗe duk wani reshe da ke jikinsa. Ƙarfe yana motsi kaɗan da ƙarfi mai yawa, roba tana motsi mai yawa da ƙarfi kaɗan, kuma kowanne akwai irin ɓarnarsa.

Saboda haka aikin ya ƙunshi abu uku da ba sa rabuwa. Akwai anka, wato wurin da aka ɗaure bututun kam a jikin gini don kada ya motsa ko kaɗan. Akwai zobe mai shiryarwa, wanda ke rungume bututun ya hana shi yin gefe amma ya bar shi ya zame sama da ƙasa. Sannan akwai lanƙwasa mai siffar U, wadda ke shanye ƙarin tsawon. Anka ce ke cewa daga nan za a fara miƙewa, zobe ya nuna hanyar da za a bi, lanƙwasa kuma ita ce masauki. Duk wanda aka rasa cikin ukun, sauran biyun ba su da amfani sosai.

Girman lanƙwasa

Ana yin lanƙwasar da elbo huɗu. Raiza tana hawa, sai ta karkata gefe, ta ɗan hau, sannan ta dawo kan layinta ta ci gaba. Hannuwa biyun nan da suka fita gefe su ne masu aikin. Idan ruwan zafi ya shigo, bututun ƙasa ya turo sama, na sama ya turo ƙasa, sai hannuwan su ɗan tanƙwara, bakin U ɗin ya tsuke. Duk wanda ya taɓa riƙe karan dawa ya san dogo yana tanƙwaruwa cikin sauƙi, guntu kuwa sai dai ya karye. Haka hannun lanƙwasa yake: gajartarsa ce ke jawo tsagewa a gindin elbo.

Masana'antun bututun roba suna ba da lissafin tsawon hannu kamar haka:

```
Ls = K × √(d × ΔL)
```

d kaurin bututu ne daga waje a milimita, ΔL motsin da wannan hannun zai shanye, K kuma lamba ce da mai ƙera bututun ke bayarwa. A littattafan masu ƙera PPR ana samun K daga 15 har zuwa 30, don haka a nemi ta kamfanin da aka sayi kayansa. Mu ɗauki 20 a wannan misali.

Gwaji na farko: anka ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, lanƙwasa ɗaya a tsakiya. Milimita 225 ɗin nan za ta rabu biyu, kowane hannu ya ɗauki 112.5. Idan aka ninka 63 da 112.5 aka cire tushen murabba'i, za a sami kimanin 84. Sau 20 kuwa ya zama milimita 1,680. Kenan kowane hannu sai ya kusa mita 1.7. A ɗauka lungun bututun otal ɗin namu faɗinsa santimita 80 ne. Ba za ta shiga ba.

Gwaji na biyu: a ƙara anka a tsakiyar gini, a raba raizar gida biyu, mita 15 kowanne da lanƙwasarsa. Yanzu kowane hannu zai ɗauki milimita 56, tsawonsa kuma ya fito kusan mita 1.2. A lura da kyau a nan. An raba motsi biyu, amma hannu bai ragu da rabi ba, ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ya ragu ba. Tushen murabba'in nan ne ya jawo haka: kafin hannu ya ragu da rabi, sai motsi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ne ya sa wanda ya ce zai yi ta ƙara ƙananan lanƙwasoshi har su shiga lungu yakan wayi gari ya tara elbo da yawa, kowanne wurin haɗi ne da ka iya yoyo, kowanne kuma yana rage wa ruwa ƙarfi.

Gwaji na uku shi ne wanda nake ganin ya fi: a sauya bututun. Da PPR mai zaren gilashi, mita 15 za ta miƙe da milimita 26 kacal, kowane hannu ya ɗauki 13. Lissafi ya ba da kimanin milimita 575, sai a yi hannu santimita 60. Wannan ya shiga lungun, har da sauran wurin rigar da ke riƙe zafi. Bututu mai zare ya fi tsada a kanti, wannan gaskiya ne, amma raiza mita 30 ce kawai a cikin ɗaruruwan mitocin da ginin zai ci. A ra'ayina, sa PPR zalla a raizar ruwan zafi ta dogon bene tsimi ne a inda bai dace ba.

Sai faɗin bakin lanƙwasar, wato tazarar da ke tsakanin hannuwan biyu. Dole ta isa yadda ko sun matso juna ba za su haɗu ba. Ƙa'idar da aka saba ita ce a ninka motsin hannu ɗaya sau biyu a ƙara milimita 150. Wasu masana'antun suna ƙara sharaɗin kada faɗin ya gaza kaurin bututu sau 10, wanda a namu misalin ya zama santimita 63. A raiza wannan ba ya wahala, tunda faɗin a tsaye yake, kuma tsayi ba shi ne ya yi mana ƙaranci ba.

Kada wani ya ɗauka mai bututun ƙarfe ya huta. Littafin ƙungiyar injiniyoyin dumama da sanyaya gini ta Amurka, ASHRAE, ya ba da lissafin jimlar tsawon bututun da ke cikin lanƙwasar ƙarfe:

```
L = 74.7 × √(Δ × D)
```

A nan Δ duka motsin da ke tsakanin anka biyu ne. Raizar baƙin ƙarfe mai inci 2, wadda kaurinta daga waje milimita 60 ne da ɗoriya, idan ta miƙe da milimita 18 za ta nemi kusan mita 2 da rabi na bututu a cikin lanƙwasa. Ana raba shi kashi biyar: kashi ɗaya faɗi, kashi bibbiyu hannuwa. Kowane hannu kenan ya kusa mita ɗaya. Motsinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na robar ba, amma taurinsa ya sa shi ma yana son dogon hannu.

Inda ake kafa anka

A otal ɗin namu anka uku ce: a gindin raiza, a tsakiya wajen hawa na 5, da can ƙarshenta a sama. Ta gindin tana kare tukunya da famfon tura ruwa daga turin raizar, tana kuma ɗauke nauyi. Bututu mai milimita 63 cike da ruwa yana kai kilo 3 a kowace mita, don haka kowane sashe na mita 15 ya kai kilo 45, kuma zobba ba sa ɗaukar komai daga ciki tunda an yi su ne don bututu ya zame.

Ƙa'idar da ba a karya ta ita ce: tsakanin kowace anka biyu dole a sami abin da zai shanye motsi, kuma guda ɗaya. Anka biyu babu lanƙwasa a tsakani, bututu ya rasa mafita. Lanƙwasa biyu babu anka a tsakani kuwa, ba wanda ya san wadda za ta ɗauki aikin. Mai sauƙin motsi za ta kwashe kaso mafi yawa, ɗayar ta zauna a banza. An fi son lanƙwasa ta zauna a tsakiyar tazarar don hannuwan su raba aiki daidai. Idan dole ta matsa gefe guda, sai a yi lissafin hannu da motsin ɓangaren da ya fi tsawo.

Yadda ake yin ankar ma akwai magana. Kilif ɗin da aka matse da ƙarfi a kan santsin roba ba anka ba ce. Idan robar ta yi zafi ta yi laushi, a hankali za ta sulluɓe ta cikinsa, kuma yawan matsewar kansa yana raunata bututun. Abin da ake yi shi ne a sa maɗauri mai ƙarfi a tsakanin soket biyu da aka narka a jikin bututun, ko tsakanin soket da ti, ta yadda kafaɗar haɗin za ta tokare maɗaurin ta sama da ta ƙasa. Shi kuma maɗaurin a kafa shi a kan gajeren ƙarfe mai kauri da ke jikin kankare ko bim. Dogon siririn rodi mai zare da aka soka a bulo mai rami zai lanƙwashe ne kawai ya bi bututun duk inda ya nufa.

Akwai kuma ankar da ba wanda ya zana ta, wadda ita ce ta fi yawan ɓarna a gine-ginenmu. Mai famfo ya gama aikinsa ya tafi, birkila ya zo ya ga rami a kankaren hawa kewaye da bututu, sai ya cike shi da siminti don aiki ya yi tsaf. Niyyarsa mai kyau ce, amma ya mai da kowane hawa anka, lanƙwasar da aka sha wahalar lissafawa kuma ba abin da zai ƙara isa gare ta sai motsin 'yan mitocin da ke kusa. Maganin wannan shi ne a ratsa raizar ta cikin guntun bututu mafi faɗi da aka binne a kankaren, a cike tazarar da abu mai laushi wanda ba ya cin wuta, don hayaƙi da gobara kada su bi ramin zuwa hawa na gaba. Sannan a gaya wa birkilan dalili, baki da baki.

Zobba

Aikin zobe ya fi sauƙin bayani. Dole bututu ya zame a cikinsa ba tare da cijewa ba, don haka ake son mai shimfiɗar roba mai santsi ta ciki, da 'yar tazarar da ke hana sukurori matse shi gaba ɗaya. Tazarar zobe da zobe tana cikin jadawalin mai ƙera bututu, kuma na ruwan zafi sun fi na ruwan sanyi kusanci da juna. A bututu irin namu abin bai cika wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Kada a sa zobe dab da soket ko ti, domin idan haɗin ya taho ya tokare shi, zoben ya zama anka ke nan. A bar tazarar da ta fi motsin wurin. Kada kuma a ɗaure hannun lanƙwasa da kilif don ya yi kyan gani: tsawon da aka lissafa tsawo ne na sakakken bututu, kilif a tsakiyarsa ya gajarta shi da rabi.

Idan wuri ya yi ƙunci a raizar ƙarfe, akan sa haɗi mai ninki-ninki wanda ke tsukewa da buɗewa a miƙe. Yana cin wuri kaɗan, amma yana da sharuɗɗa masu tsauri. Ƙa'idar ƙungiyar masu ƙera shi, EJMA, ita ce zoben farko kada ya wuce kaurin bututu sau 4 daga haɗin, na biyu kuma kada ya wuce sau 14 daga na farko. A bututu mai milimita 60, santimita 24 ke nan da 84. Bugu da ƙari, matsin ruwa yana ƙoƙarin buɗe haɗin, kuma anka ce ke riƙe wannan turi. A matsin ba 6, kowace santimita murabba'i ta faɗin cikinsa tana tura kimanin kilo 6, ga shi kuwa tsayin mita 30 kaɗai yana ba da kusan ba 3 a gindin raiza. Lanƙwasa ba ta da wannan matsala, ba ta kuma da siririn ƙarfen da zai gaji a nemi canjinsa. Inda wuri ya samu, ita na fi so.

Rassa, inda yoyo ke farawa

Da wuya raiza kanta ta fashe. Reshe ne ke fara ba da kai. Kowane ti yana tafiya sama da ƙasa tare da raiza, alhali reshen da ya fita daga gare shi ya shige bango an shafe shi da siminti da tayil. Ɗan guntun da ke tsakanin ti da bango shi ke shan tanƙwara kullum, kuma lissafinsa ɗaya ne da na hannun lanƙwasa.

A tsarinmu na uku, ti ɗin da ya fi nisa daga anka yana da tazarar mita 6. Zai motsa da milimita 10 da rabi. Reshe mai kaurin milimita 25 zai buƙaci sakakken tsawo na kimanin santimita 32 kafin ya shiga bango. Ana samun wannan ta hanyar nisanta raizar daga bangon, ko faɗaɗa ramin da reshen ke bi a sa masa abu mai laushi, ko a ƙara masa elbo ya ɗan yi tafiya a cikin lungu kafin ya shige.

Yanzu a kwatanta da ginin da aka sa PPR zalla, aka ɗaure gindi kawai, aka bar saman yana yawo. Ti na hawan ƙarshe zai yi sama da kusan milimita 225. Reshensa zai buƙaci mita ɗaya da rabi a sake. Abin da aka saba gani kuwa santimita 10 ne ko 15. Shi ya sa a irin wannan gini yoyo ke farawa daga ɗakunan sama ya riƙa saukowa, a gyara na hawa na 10 a bana, baɗi na 9 ya kawo nasa, mai gini yana ta zargin kayan haɗi. Bututun da ke mayar da ruwa tukunya don ya riƙa zagayawa shi ma zafi gare shi, kuma duk abin da aka faɗa ya shafe shi.

Yadda ake ganewa

Gwajin matsi da ake yi kafin a miƙa gini da ruwan sanyi ake yin sa, don haka ba ya nuna komai game da miƙewa. Bututun da zai tsage nan da shekara biyu zai ci wannan gwaji lafiya lau. Tsagewar ba ta zuwa a rana ɗaya. Maimaita tanƙwara ce ke gajiyar da haɗi, musamman a ginin da ake kashe tukunya da dare ko wuta ke yawan ɗaukewa, inda bututu ke hucewa ya sake zafi sau da yawa a yini.

Kunne yana taimakawa. Ƙarar ƙas-ƙas da ake ji a bango da asuba, 'yan mintoci bayan ruwan zafi ya fara gudu, bututu ne ke cijewa a zobe yana kuɓucewa. Wannan daban yake da bugu guda mai ƙarfi da ake ji idan an rufe famfo da sauri, wanda na gudun ruwa ne. Haka nan idan bawul ɗin tsaro na tukunya ne ke ɗiga duk lokacin da ake dumamawa, ruwan ne kansa ya kumbura, domin daga digiri 15 zuwa 65 yana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 100, kuma maganin wannan tankin shanye kumburi ne, lanƙwasa ba ta yi masa komai.

Idan an buɗe lungu, a duba ko raizar ta bankare tsakanin zobba, ko akwai kilif da ya karkace ko ya fizgo daga bango, ko rigar bututun ta tattare a gefe ɗaya. A duba wuyan ti da gindin elbo: fari-farin da ke fitowa a jikin koriyar roba alama ce ta wurin da ake wahalarwa. Yoyon da ke zuwa idan bututu ya huce ya tsaya idan ya yi zafi, ko akasin haka, kusan kullum maganar motsi ce.

Gwajin da ya fi kowanne araha ba ya bukatar komai sai maka da tef. Bututu yana sanyi, a ja layi a jikinsa daidai bakin zobe a wurare da dama, a kuma auna bakin kowace lanƙwasa. A kunna tukunya har ruwa ya kai cikakken zafinsa ya zagaya, sannan a koma a sake aunawa. A wajen anka layin bai kamata ya gusa ba. Kusa da lanƙwasa ya kamata ya gusa da abin da ya yi kusa da lissafi, bayan an yi la'akari da zafin ranar gwajin. Idan lissafi ya ce milimita 13 amma aka ga 2, to akwai inda bututun ya maƙale a hanya, kuma a fara neman sa a ramukan kankare.

Mai gini, kafin ka biya kuɗin ƙarshe, ka nemi injiniya ya nuna maka a zane inda kowace anka take da adadin milimitar da ya lissafa, sannan ka sa a yi gwajin maka da ruwan zafi a gabanka tun ba a rufe lungun da bulo ba.